Wasiƙar Shaida Iri Biyu

Idan malamin Jami'ar Jihar Kaduna ya zauna rubuta wa ɗalibarsa wasiƙar shaida don neman gurbin digiri na biyu, hanya biyu ce a gabansa. Ta farko ita ce ya jera kalmomin yabo: haziƙa ce, mai ƙwazo, mai ladabi. Wannan ba ƙarya ba ne, amma kowa haka ake rubuta masa, shi ya sa kwamitin tantancewa ba ya tsayawa a kai.

Ta biyun, wadda na fi so, ita ce ya kawo abin da ya gani da idonsa: ta zo ta uku cikin ɗalibai 60 a darasinsa, kuma da ta gano kuskure a samfurin ruwan rijiyoyin Kawo da ta auna, ta koma ta sake ɗiba ba tare da an sa ta ba.