Sharhi: na nemi bit 12 daga ADC mai bit 10 ta hanyar yawaita awo

Na ɗauki makonni ina auna ƙarfin batir mai bolt 12 da allon Arduino Uno, ina so in ga yadda yake sauka a hankali cikin dare. ADC shi ne sashen da ke mayar da ƙarfin lantarki zuwa lamba, kuma wanda ke cikin ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon, bit 10 ne, wato matakai 1024. Idan ma'auninsa bolt 5 ne, kowane mataki milibolt 4.88 ke nan. Na raba ƙarfin batirin gida uku da rizisto biyu, 20 kΩ da 10 kΩ, don haka bolt 12.6 ya koma 4.2 a bakin `A0`, ƙafar allon da nake awo da ita, lambar da ake karantawa kuma tana wajen 860. Matsalar ita ce mataki ɗaya a nan daidai yake da kusan milibolt 15 a jikin batir, ni kuwa canjin da ya fi wannan ƙanƙanta nake nema.

Kafin in sayi wani ADC na waje, sai na gwada dabarar yawaita awo. Ƙa'idarta ba wuya: duk bit ɗaya da kake son ƙarawa, sai ka ninka yawan awo sau huɗu. Bit biyu na bukatar awo 16, a tara su, a raba jimlar da huɗu. A ce ainihin ƙarfin yana daidai da 860.25. ADC ba zai iya faɗin haka ba, amma idan akwai 'yar hayaniya da ke kaɗa siginar sama da ƙasa, cikin awo 16 za ka sami kamar 12 sun ce 860, huɗu sun ce 861. Jimla 13764, raba da huɗu, 3441. Wannan ɗayan da ke ƙarshe shi ne rubu'in matakin da ya ɓuya.

A daren farko abin ya burge ni ƙwarai. Allon yana shan wuta daga kwamfuta, wayoyi a baje a kan tebur, sakamako kuwa yana gangarowa ɗaya bayan ɗaya: 3441, 3440, 3439. Mataki ya dawo ƙasa da milibolt 4 a jikin batir, ban ƙara ko da ƙarfe ɗaya ba.

Daga nan na shiga gyara aikin. Na gajarta wayoyi, na sa kafasito 100 nF tsakanin `A0` da ƙasa, na ba allon wuta mai tsabta. Washegari na duba abin da aka rubuta, sai na ga 3440 na tsawon lokaci, sannan 3436, sannan 3432. Akwai ɗan rawa a daidai lokacin tsallakawa, amma galibin lambobin huɗu na raba su ba saura. Na buga awo 16 ɗin ɗaya ɗaya kafin a tara su: 860 sau 16. Idan duk amsoshin iri ɗaya ne, tarawa ba ta da wani sabon labari da za ta fitar. Lambar tana da kamannin bit 12, amma bit biyun ƙarshe sifili ne, na koma kan bit 10 ɗina na asali.

A nan na fahimci abin da dabarar ta dogara a kai. Tana ɗauka cewa akwai hayaniyar da ta kai aƙalla faɗin mataki ɗaya, wadda ba ta karkata sama ko ƙasa ba, kuma wadda ke canzawa daga wannan awo zuwa na gaba. Ashe hayaniyar da na kora ita ce ke yi mini aikin. Shi ya sa yanzu kafin in yarda da kowane sakamako, nake ɗaukar ɗanyen awo kamar dubu ɗaya in ƙirga sau nawa kowace lamba ta fito. In lambobi biyu ko uku ne maƙwabtan juna suka raba awon, dabarar za ta yi aiki. In lamba ɗaya ce ta kwashe duka, ba za ta yi ba.

Maganin shi ne in mayar da girgiza da gangan, wadda na san girmanta. Na kunna `analogWrite(9, 127)`, wanda ke fitar da igiyar da ke hawa da sauka sau kusan 490 a daƙiƙa, na haɗa ta da `A0` ta rizisto 2.2 MΩ. Kafasiton ya lanƙwasa gefunanta, ta zama 'yar kaɗawa ta kusan milibolt 10, wato matakai biyu. Nan take lambobin tsakiya suka dawo. Akwai ladan da aka biya: matsakaicin igiyar bolt 2.5 ne, ƙasa da 4.2, don haka tana jan awon ƙasa da kusan milibolt 5, dole a gyara wannan a lissafi.

Tarko na biyu ya bayyana ranar da na haɗa caja. Sakamakon ya riƙa yawo da maki da yawa, kamar ban tara komai ba. Wannan karon hayaniya ta yi yawa, kuma ba irin wadda ake so ba ce: kaɗawar wutar lantarki ce mai zagaye 50 a daƙiƙa. Kowane `analogRead` na cin kusan mikrosakan 110, don haka awo 16 a jere suna ƙarewa cikin ƙasa da milisakan 2, alhali zagaye ɗaya milisakan 20 ne. Duk awon suna faɗawa a gefe guda na igiyar. In an dace da ƙololuwarta, duka 16 sun yi sama tare, in an dace da kwarinta, duka sun yi ƙasa. Hayaniyar da awo ke tarayya a cikinta ba ta soke kanta. Sai na baza awon a kan cikakken zagaye, ɗaya a kowane milisakan 1.25:

```
uint16_t jimla = 0;
for (uint8_t i = 0; i < 16; i++) {
  jimla += analogRead(A0);
  delayMicroseconds(1140);
}
uint16_t sakamako = jimla >> 2;
```

Rabin da ya hau ya cinye rabin da ya sauka, yawon ya lafa. Inda wuta ke zagaye 60, tsawon zagayen milisakan 16.7 ne, sai a rage jiran. Tazarar nan kuma ba ta zo daidai da zagayen igiyar 490 ba, don haka kowane awo na samun ta a wani wuri dabam, abin da ake bukata ke nan.

Abin da na fi so mai gwadawa ya riƙe shi ne, ƙananan matakai ba su nufin awo ya zama gaskiya. Takardar bayanan ATmega328P ta ce kuskuren awo gaba ɗaya na iya kai matakai biyu sama ko ƙasa, wanda a sabon ma'aunina maki takwas ne. Irin wannan kuskure yana nan a kowane awo, tarawa ba ta taɓa shi. Haka ma ma'aunin: idan bolt 5 ɗin da na dogara da shi 4.9 ne a zahiri, an zame da kashi 2 cikin ɗari, wato rubu'in bolt a jikin batir, komai yawan awon da na tara. Na kwatanta da mita mai kyau a wurare biyu na gyara lissafin.

Don bin saukar batir cikin dare, dabarar ta biya mini bukata, kuma har yanzu da ita nake aiki. A bit 12 na tsaya. Bit 14 na bukatar awo 256, kuma a wannan matakin rashin daidaiton faɗin matakan ADC ɗin kansa ya fi abin da nake ƙoƙarin gani girma. Wanda aikinsa ke neman sanin ainihin ƙarfin batir har zuwa milibolt kaɗan, gara ya sayi ADC mai bit 16 da ma'auni mai zaman kansa.