Shaddar da na saya hannun wata Hajiya ta Nima ta Instagram

Shaddar ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba, kuma Hajiyar ba 'yar damfara ba ce. Amma kafin ku tura mata kuɗi ku karanta har ƙarshe, don akwai inda muka yi tsiya da ita.

Bikin ƙanwata ne ya taso nan Aboabo a Kumasi, ina neman gezna ruwan toka mai haske, yadi goma, biyar nawa biyar na maigida. Na zaga kasuwannin Kejetiya da Alaba ban sami launin da nake so ba, sai wata ƙawata ta turo mini shafin wannan mata da ke Nima a Ankara, babban birnin Gana. Ni ko mabiya dubu nawa mutum yake da su ba ya burge ni, tunda sayensu ake yi. Abin da na fara yi shi ne shiga About this account in ga shekarar da aka buɗe shafin, da Former usernames in ga ko an sha sauya masa suna. Masu cuta sukan sayi tsohon shafi mai jama'a su sauya suna, su zuba hotuna masu yawa cikin mako ɗaya. Nata tun 2019 yake, ba a taɓa sauya sunan ba, kuma da na gangara can ƙasa na ga kayan sallar bara da na bara waccan, duk a kan tebur guda, da labule guda a baya. Ba ta rufe wurin sharhi ba. Har na ga inda wata ta yi mata faɗa kan jinkiri, ta ba ta haƙuri, ba ta goge ba. Wannan faɗan ya fi kwantar mini da hankali a kan duk “Masha Allah Hajiya” da ke wurin.

Hotuna kuwa na ɗauki uku na saka a Google Lens. Biyu ba su fito ko'ina ba sai shafinta, ɗaya ya fito a shafukan wasu 'yan kasuwa da dama. Na tambaye ta, ta ce na dillalinta ne, ba ta yi gardama ba. Na ce to Hajiya, a kira ni ta bidiyo in ga kayan a hannunki. Ta kira nan take, ta fita da shi bakin shago don in gan shi a hasken rana, ta matso da bakin yadin na karanta rubutun da ke jiki, ina jin hayaniyar titi a bayanta. Wanda ba shi da kaya a hannu, a nan yake fara cewa netwok ba kyau.

Wajen biya ma ta ba ni mamaki. Na ce ba zan tura duka ba, zan ba da kashi biyu cikin uku, ragowar sai na buɗe kaya na gani. Na zaci za ta ƙi, sai ta ce ba komai 'yar'uwa. Da na danna *170# na MoMo, wato tura kuɗi ta wayar MTN, na sa lambarta, sunan da ya fito kafin in sa lambar sirri shi ne wanda ta faɗa mini tun farko, kuma shi ne a jikin allon shagon da na gani a bidiyo. Ta sa kaya a mota, ta turo hoton rasit, na je tashar Asafo na karɓa. A lokacin da kun tambaye ni, da na ce kowa ya je ya saya ido rufe.

Sai da na isa gida na warware a kan gado. Yadi biyar na farko lafiya lau, yana ta sheƙi. Na biyu kuwa, a daidai kan ninki, wani layi ne fari-fari ya bi tsawon yadin, irin na kayan da aka daɗe da ratayewa a bakin shago rana ta ci shi. Faɗinsa bai fi yatsa biyu ba, amma a gaban babbar riga zai faɗo, ba telan da zai iya ɓoye shi. Sai na tuna a bidiyon guda ɗaya ta warware, na biyun ɗaga shi kawai ta yi a naɗe. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, don mai shago ta san abin da ta rataya a rana.

Tun kafin in biya na tambaye ta sharaɗin mayarwa, ta amsa da murya a WhatsApp cewa in da matsala a dawo da shi. Da matsalar ta zo, sai maganar ta haifi 'ya'ya: kuɗin mota zuwa da dawowa a kaina, kuɗi ba ya komawa sai dai musaya, kuma wai in fara cika ragowar kafin ta duba. Na ce Hajiya, ki ji tsoron Allah, wanne daga ciki kika faɗa mini ranar da kike karɓar kuɗina? Na tura mata muryarta, na tura hoton layin kusa da rasit ɗin mota. Ta yi shiru har washegari. “A dawo da shi” ba sharaɗi ba ne, jama'a. Ku sa mai kaya ya rubuta kwana nawa ake da shi, wa zai biya mota, kuma kuɗi za a mayar ko wani kaya.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga wata lamba daban, wai yaron shagonta ne, in tura ragowar ta nan don walat ɗin Hajiya ya cika. Na gwada lambar, wani suna ya fito da ban taɓa ji ba, na fasa. Na kira ta a tsohuwar lambar, ta ce eh yaronta ne. Ko da gaskiya ne ban tura ba. Kuɗin MoMo in ya shiga hannun wani ya cire a wurin wakili, dawo da shi aiki ne ja, ko ka kira MTN a 100 ka kai ƙara. Kuma in ya tafi da wani suna, gobe za a iya ce maka ba a ga komai ba. Mai sana'a da ta shekara haka bai kamata ta riƙa jefa masu saye cikin wannan zullumi ba, alhali kullum ana jin labarin waɗanda aka ce su danna Allow Cash Out, wato izinin cire kuɗi, wai za a mayar musu da kuɗi, aka kwashe na walat ɗinsu. Wanda irin wannan ta same shi, 292 ce lambar hukumar tsaron intanet ta ƙasa.

Ragowar kuɗin da na riƙe shi ya yi mini magana. Ta yarda muka raba kuɗin mota, ta warware sabon yadin gaba da baya a bidiyo ina kallo, ya iso ba tabo, na cika mata a lambarta ta asali. Ta ce in yi haƙuri, yaron ne ya naɗe bai duba ba. Na karɓi haƙurin, amma tela ya ƙara mini kuɗin gaggawa saboda lokacin da aka ɓata, wannan kuma ba wanda ya raba shi da ni.

Zan iya sake saye a wurinta, don kayanta na gaske ne kuma tana ɗaga waya ko ana rigima. Amma kowane yadi sai ta warware shi duka a gabana, kuma ba zan cika kuɗi ba sai ya iso Kumasi.