Me zan sha? Wurin wa ya kamata ka kai wannan tambayar

A Gusau, mutum kan tsaya a bakin kemis ya ce, "Malam, jikina ba daɗi, me zan sha?" Bai faɗi inda ke ciwo ba, bai faɗi shekarunsa ba, wani lokacin ma ba shi ne marar lafiyar ba, aike aka yi masa. Wuraren da ake kai wannan tambayar suna da yawa, ni kuma ma'aunina ɗaya ne: wa zai tambaye ka kafin ya miƙo maka magani?

Mai talla da lasifika a kasuwa, wanda kwalbarsa ɗaya ke warkar da basir da taifot da ciwon baya, ka wuce shi kawai. Maƙwabciyar da za ta ba ki ragowar ƙwayoyinta tana ƙaunarki, amma ciwonta daban, naki daban.

Zaɓina shi ne ma'aikacin lafiya na asibitin unguwa, saboda ba ya amsa tambayar sai ya cike giɓinta. Zai ce waye ba shi da lafiya, shekarunsa nawa, me yake ji, tun yaushe, me ya riga ya sha, ko yana da hawan jini, ciwon suga, gyambon ciki, sikila ko ciwon ƙoda, in mace ce ko tana da juna biyu ko tana shayarwa. Kowace amsa tana canja maganin. Ibufurofen da dikulofenak suna rage ciwon jiki, amma suna iya sa mai gyambon ciki zubar jini, suna cutar da ƙoda, kuma ba a ba mai tsohon ciki. Asfirin kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sai likita ya rubuta.

Ga misali. Uwa ta ce, "Likita, zazzaɓi ne." Ya tambaya, sai ta ce yaro ne ɗan shekara 3, jiya ya fara, yana shan ruwa, bai yi jijjiga ba. Aka ɗora shi a sikeli, kilo 13. Aka tsaga yatsa aka yi gwajin maleriya, wanda sakamakonsa ke fita cikin minti 15 zuwa 20. In gwajin ya nuna maleriya, ƙwayar atimita-lumifantirin mai 20/120 a rubuce, guda ɗaya ake ba shi sau biyu a rana har kwana 3, na biyun awa 8 bayan na farko, tare da nono ko abinci mai maiƙo. Babban mutum mai kilo 35 zuwa sama guda 4 yake sha a lokaci ɗaya. Da ba a tambayi nauyi ba, da an ba yaron kason babba, ko a ba babba na yaro ya ƙi warkewa. In gwajin bai nuna ba, sai a duba kunne, maƙogwaro da ƙirji.

Amma in ana jijjiga, ko wuya ya ƙage da zazzaɓi mai zafi a lokacin sanƙarau, ko numfashi na sarƙewa, ko yaro ya kasa shan komai, ko mai ciki na zubar jini, ba maganar me zan sha ba ce. A nufi babban asibiti kai tsaye, irin su asibitin Yariman Bakura ko FMC Gusau.

Kemis yana da amfani idan ka je da takardar asibiti. Abin da nake tsoro shi ne "haɗi", ƙwayoyi biyar ko shida da aka ɓare aka ƙulle a leda. Gwaggona mai gyambon ciki ta sha irinsa don ciwon gwiwa, bayan gidanta ya koma baƙi, sai da aka yi mata ƙarin jini. Da likita ya ce, "Inna, me kika sha?" ba wanda ya iya faɗa, domin ba suna a jikin ƙwayar. Haɗi kuma yakan tara farasitamol biyu masu suna daban, alhali babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 a rana ba, hanta ce ke lalacewa.

Ga kuma jabu. Kada ka karɓi magani sai a kwalinsa. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ka tabbata lambar rukuni da ke kan kwali ita ce a jikin fallen ƙwayar. In akwai wurin kankarewa, kankare ka tura lambar ta tes zuwa inda aka rubuta, ka jira amsa kafin ka biya. Lambar NAFDAC ita kaɗai ba ta isa ba, masu jabu suna buga ta. Rubutu mai dishi-dishi, ƙwayar da ke marmashewa, ruwan magani da ya sha rana a kan faranti, farashin da arharsa ta wuce hankali, duk ka bar su. Wanda ya sayar maka da ruwan tari mai kodin, bayan gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018, kada ka sake sayen komai a wurinsa. Ka kuma ajiye kwalin har a warke, don in abu ya rikice a nuna wa likita.