Wannan ɗan ɓera ne ko jaɓa?

Wani ya turo hoton wata 'yar halitta mai launin toka da ya tsinta bayan buhu, wai ɗan ɓera ne. Ina buɗe hoton na ce a'a, wannan jaɓa ce, kuma babba ce ma, girman nata kenan.

Baki ya fara tona mata asiri. Na jaɓa dogo ne mai tsini, ya zarce haɓa sosai, idonta kuma ɗan ɗigo kamar kan allura, sai ka ƙara girman hoton kafin ka gan shi. Ɗan ɓera kuwa kansa ya yi wa jikinsa girma, ƙafafun baya zaƙo-zaƙo kamar aro ya yi, baki gajere. To amma ido na iya ruɗinka, don ɗan ɓera ba ya buɗe ido sai wajen kwana 12 zuwa 14, kafin nan shi ma kamar ba shi da ido, saboda haka in ka ga abu ido mitsitsi amma gashi ya cika jiki kuma yana tsaye daram kan ƙafarsa, ka fi zaton jaɓa.

In ƙafar gaba ta fito a hoton ka ƙirga yatsu, jaɓa biyar gare ta, ɓera huɗu ake gani. Haƙori ma haka, ɓera na da manya biyu a gaba masu faɗi na gwaguya, jaɓa kuwa ƙanana ne jere masu kaifi tunda ƙwari take ci.

Girma kam manta da shi, hoto ba ya nunawa sai in an aje wani abu kamar ashana a gefe.