Rahoton Albashi ko Tallar Aiki: Wanne Za Ka Dogara da Shi?

Mai neman aikin akanta a kamfani mai zaman kansa a Kano yana da hanyoyi uku na sanin abin da ya kamata ya nema, kuma ni dai wadda na fi amincewa da ita ita ce tallace-tallacen aiki da suka bayyana albashi.

Rahotannin binciken albashi irin na kamfanin Mercer suna da tsari, amma da tsada ake sayensu, kuma alƙalumansu na manyan kamfanoni ne. Alƙaluman shafin Glassdoor kuwa, inda ma'aikata ke bayyana albashinsu, kowa rubuta nasa yake yi ba tare da shaida ba. Duk rahoton da aka tattara kafin cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ko kafin mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, ya riga ya tsufa.

Talla tana nuna abin da kamfani ya shirya biya a yau. Ka tattara aƙalla bakwai daga shafukan neman aiki na Jobberman ko LinkedIn waɗanda ba su wuce wata shida ba, kuma ka kwatanta su ta fuskar ayyukan da aka lissafa da shekarun gogewa, domin wani wurin mai karɓar kuɗi ma akanta ake kiransa. A ce, a misali, ka samu naira dubu 150, 180, 200, 220, 250, 280 da 600 a wata. Ka jefar da na ƙasa da na sama, sai ya zama kasuwar tana tsakanin dubu 180 da 280, tsakiyarta kuma dubu 220. Na Legas ka ware su daban, saboda tsadar haya da sufuri tana cikin kuɗinsu.

Abin da ya taɓa cutar da ni shi ne rashin tambaya ko kuɗin da aka rubuta kafin cire haraji da fansho ne ko bayan cirewa. Na karɓi wani aiki ina murna, sai ƙarshen wata na ga an cire haraji da kashi 8 cikin ɗari na fansho, alawus-alawus ɗin da nake tsammani kuma ashe suna cikin jimillar.

Wancan dubu 600 shi ne abin tsoro, domin da irinsa 'yan damfara suke jan mutane. Tallarsu ba ta ɗauke da sunan kamfani ko adireshi, takan ce ba a buƙatar gogewa, sannan a tura ka WhatsApp a nemi kuɗin rajista, na horo ko na gwajin lafiya. Wasu sukan ari sunan sanannen kamfani amma adireshin wasiƙarsu na Gmail ne, wasu kuma lambar BVN ɗinka suke so tun ba a yi ganawa ba. Ka duba ko kamfanin yana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka kuma nemi tallar a shafinsa na kansa. Idan ba ta can, kada ka saka kuɗinta cikin lissafinka, balle ka aika musu takardunka.