₦187,000 ta Umma, kuma ni na ba shi lambar da hannuna

Kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba. ₦187,000. Kuɗin adashin Umma ne, wanda ta ɗauka don kayan ɗakin ƙanwata, kuma wallahi ni na buɗe wa ɓarawon ƙofa.

Kafin wani ya ce min sakarai, ku saurara. Ina Kaduna, Umma tana Funtuwa. Shekara biyu ke nan ina gyara mata waya daga nan da AnyDesk, manhajar da ake shiga wayar wani da ita daga nesa. Ni na saka mata shi, ni na kunna masa izini a Accessibility don in riƙa taɓa wayar, ba kallo kaɗai ba. Ta karanto min lambar da ke fitowa a sama, in shiga, ta danna Accept, in share mata bidiyoyin da suka cika waya, in ƙara girman rubutu, shi ke nan. Ba a taɓa samun matsala ba. Na ma gwada buɗe manhajar bankinta daga nan, sikirin ya yi baƙi ƙirin, ban ga komai ba. Abin da ya kwantar min da hankali ke nan, na ɗauka ba wanda zai ga kuɗinta ta wannan hanyar.

To WhatsApp ɗinta ya fara rufe kansa, na yi iya yina ya ƙi. A wani guruf na ga wannan mutumin yana cewa yana gyaran waya daga nesa, ₦2,000 kacal. Mutum uku suka yabe shi a ƙasa. Yanzu da na duba, dukansu sun fice daga guruf ɗin tare da shi. Amma a lokacin wa zai gane? Muryarsa a natse, "ranka ya daɗe, ai Mama ta kowa ce." Na tura masa lambar. Na kira Umma na ce, "Umma, wani zai shigo, ki danna Accept." Ta ce, "Ka san shi?" Na ce na san shi. Ban san shi ba. Wannan tambayar tata ita ke dawo min kullum in na kwanta.

A'a, bari in koma baya, don biyan kuɗin nan ne tarkon. Ya gyara WhatsApp ɗin da gaske, Clear cache kawai ya yi da sabuntawa. Sai ya ce, "Mama, ki turo ladan aikin yanzu kafin in fita." Umma ba ta amfani da manhajar banki, kod take dannawa, mai tauraro. Shi kuwa kod ba ya yin baƙi. Lambar sirrin da ta rubuta tana nan ɓaro-ɓaro a sikirin, yana kallo. ₦2,000 ta tura masa, ya samu lambobi huɗun da yake nema.

Daga nan ya ce ta kife wayar minti ashirin kada ta taɓa, wai saura gyara ɗaya. A minti ashirin ɗin nan ya danna kod ɗin daga layinta, dubu ashirin-ashirin har sau biyar, duk alat ɗin da ya shigo ya goge. Washegari ya sake kiranta, ba ni ba, ita, wai zai ƙarasa aiki. Ta danna Accept saboda ɗanta ya ce ya san shi. ₦87,000 ta biyo baya. ₦187,000, ban da ladan nasa.

Ba mu gane ba sai da ta je wurin mai POS cire kuɗin kafinta aka ce babu. A gaban mutane. Ta kira ni ba ta ma yi faɗa ba, ta ce, "Allah ya mayar da alheri." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Mun je banki, an rufe kod ɗin, an canja lambar sirri, mun karɓi takardar shige da ficen kuɗi, kuma duk asusu guda aka tura. Mun rubuta koke, muna jira. Ina da sikirinshot na hirarmu da saƙon muryarsa, zan sa su da zarar na ɓoye lambar asusun Umma da ke ciki. Ya buloke ni, ya canja hoto.

Kada ku ba kowa lambar AnyDesk sai wanda kuka sani ido da ido. Kada a rubuta lambar sirri alhali wani yana cikin waya. In aka ce a kife waya, a kashe data nan take. Ni na sa maƙwabcinta ya goge AnyDesk ɗin ya kashe izinin Accessibility, ranar Asabar zan tafi Funtuwa in ga yadda zan haɗa mata ₦187,000 kafin biki.