Lissafin kwana 90 cikin 180 na Schengen: takarda, kalkuleta ko manhajar kuɗi?

Masu biza mai shiga da fita na Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, dokar ita ce kar ka wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, amma inda mutane ke faɗawa rami shi ne ɗauka cewa in an yi wata shida lissafi ya koma sifili. Ba haka ba ne wallahi. Duk ranar da kake can, ana waiwayawa baya kwana 180 ne a ƙirga kwanakin da ka yi a duka ƙasashen 29 a haɗe, kuma ranar shiga kwana ce, ranar fita ma kwana ce ko da jirgin asuba ka bi.

A ce ka shiga Jamus 1 ga Maris ka fita ta Italiya 30 ga Afrilu, kwana 61 kenan. Ka koma 1 ga Yuli, saura 29, to 29 ga Yuli dole ka fita. Kwanan 1 ga Maris ba zai faɗi daga lissafi ba sai 28 ga Agusta, daga nan ne kwanaki ke dawo maka ɗaya bayan ɗaya.

To da me za a riƙa lissafin? Takarda da biro sun isa wa mai tafiya ɗaya a shekara, amma da tafiya ta kai uku sai kai ya ɗaure, tunda kullum farkon kwana 180 ɗin matsawa yake gaba.

Kalkuletar Tarayyar Turai, Short-stay calculator, kyauta ce kuma ita nake fara ba kowa shawara, ka zuba ranakun shiga da fita ta gaya maka abin da ya rage. Sai dai abin da ka ba ta shi take lissafawa, ka manta tafiya ɗaya ta ba ka amsa mai daɗi wadda ba daidai ba.

Ni dai na fi natsuwa da Excel don tarihin na zaune wuri ɗaya. Ranar shiga a A2, ranar fita a B2, kowace tafiya da layinta, ranar da kake son dubawa a D1, sai ka sa wannan a C2:

```
=MAX(0,MIN(B2,$D$1)-MAX(A2,$D$1-179)+1)
```

Ka ja shi ƙasa iya layukan da ka cike ka haɗa jimla, kar ta wuce 90, kuma ranar da kake shirin fita za ka sa a D1, ba ta shiga kaɗai ba.

Manhajojin waya na kuɗi kuwa, tunatarwa ce amfaninsu. Kafin ka biya gwada ta da misalin nan na sama, in ba ta ce 29 ga Yuli ba bar ta, in kuma tana sa Birtaniya ko Ireland cikin lissafi ma bar ta, ba sa ciki.

Sannan kowanne ka zaɓa duba Duration of stay, wato yawan kwanakin da aka ba ka, a jikin bizarka, in 30 aka rubuta to 30 ne naka ba 90 ba. Kuma tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara tsarin EES mai ajiye shiga da fita a kwamfuta maimakon hatimi, don haka ka riƙa adana tikitocin jirginka, da su za ka cike ranakun.